Bangon bayan gidana yana jiƙewa duk damina, ta ina zan fara gyara?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini. Gidana ya shekara huɗu da ginawa, kuma damina uku ke nan a jere bangon ɗakin baya yana jiƙewa daga ƙasa, har kusan tsayin gwiwa. Fenti yana ɓarewa, wani farin abu kamar kanwa yana fitowa a jikin shafen. Bara na sa an kankare an sake shafe da fenti, bana ya dawo yadda yake. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wata siririyar tsaga da na gani a kusurwar ɗakin, ta tashi daga ƙasan taga ta yi karkace zuwa ƙasa. Wani ya ce in manna tayil a bangon ta waje. Shin hakan zai yi magani?

Ɗan Kwangila: Wa alaikumus salam. Malam, ka manta da tayil. Kankare za ka zuba ka zagaye gidan gaba ɗaya, faɗin mita ɗaya. Ruwa ba zai ƙara samun ƙasar da zai shiga ba. Duk gidan da na yi haka nake yi masa.

Mai Tambaya: Ai akwai daɓen siminti a zagaye da gidan tun farko, yallaɓai. Faɗinsa kusan mita ɗaya ne ma.

Hajiya Uwargida: Ku duba bututun banɗaki tukuna. Ni haka nawa ya yi, aka yi ta fama da fenti, ashe fayif ne ya fashe a cikin bango. Sai da aka fasa aka canza shi sannan muka huta.

Baba Magini: Hajiya, maganarki tana kan hanya, amma shi ya ce da damina kawai abin yake tashi. Fayif da ya fashe ba ya sanin rani da damina, kullum cikin yoyo yake. Ɗana Mai Tambaya, amsa mini abu uku. Rufin bayan nan yana da indararo ko ruwan kwano zuba yake kai tsaye? Idan yana da shi, ina bututun yake sauke ruwan? Sannan in an yi ruwa an ɗauke, ka taɓa fita ka ga inda ruwa yake kwanciya?

Mai Tambaya: Baba, babu banɗaki a wannan ɓangaren. Akwai indararo a tsawon bayan gidan, bututunsa ɗaya ne, kuma a daidai kusurwar da ta tsage yake sauka, a kan daɓen. Ruwa yana kwanciya tsakanin gidan da katanga, wani lokaci sai ya kwana biyu bai tsotse ba. Gidan mita 12 ne tsawonsa, faɗinsa mita 10, rufin kuma ya rabu biyu, rabi na zuba gaba, rabi na zuba baya.

Injiniya: To ka ba mu abin da za mu yi lissafi da shi. Ruwan sama milimita ɗaya idan ya sauka a kan fili mai murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ke nan cif. Rabin rufinka da ke zuba baya murabba'in mita 60 ne, ban ma haɗa da bakin kwanon da ya zarce bango ba. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, wannan rabin kaɗai zai tara lita 3,000. Duro 15 ke nan na mai lita 200.

Yanzu ka yi tunani an kawo maka duro 15 cike da ruwa an tuntsurar da su ɗaya bayan ɗaya a gindin kusurwa guda ta ɗakinka, kuma a riƙa maimaita haka duk lokacin da aka yi ruwa mai yawa har damina ta fita. Abin da bututun nan yake yi ke nan. Indararon ya yi aikinsa na tara ruwa, amma ya kai shi wurin da bai kamata ba. Da a ce babu shi ma, ruwan zai rarrabu a tsawon mita 12, ɓarnar ba za ta taru wuri ɗaya haka ba.

Shi kuwa farin abin da kake gani, gishiri ne da ke cikin ƙasa da bulo da siminti. Danshi ne yake narkar da shi ya hau da shi cikin bango, idan ruwan ya bushe sai ya bar shi a fuskar shafe. Shi ya sa tayil ba zai taimake ka ba. Zai toshe wa danshin hanyar fita ta waje, sai ya ƙara hawa sama ko ya ɓullo ta cikin ɗaki.

Ɗan Kwangila: Injiniya, na yarda da lissafin, amma ai kan siminti ruwan yake sauka. Ta ina zai shiga?

Baba Magini: Ta nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Lokacin da aka haƙa ramin harsashi, ramin ya fi bango faɗi. Bayan an ɗora bulo sai leburori su mayar da ƙasa a gefe. Ƙa'ida ita ce a zuba ta kaɗan-kaɗan, kamar santimita 15 zuwa 20, a daddaɓe, sannan a ƙara wata. Amma galibi turawa kawai ake yi da shebur a tafi. Wannan cikon sai ya yi damina ɗaya ko biyu yana zama. Daɓen da aka yi a kansa, gefen da ke jikin bango shi ne a kan ciko, gefen waje kuma yana kan tsohuwar ƙasa mai ƙarfi. Cikon na lotsawa, sai daɓen ya sunkuyo ya kalli bango. Daga nan ya zama faranti mai tattaro ruwa yana kai wa harsashi. Kuma za ka ga ya rabu da bango, an sami ɗan tsagi a tsakani, ta nan ruwan yake sulalewa.

Ɗana, ɗauki bokiti ɗaya ka zuba a tsakiyar daɓen ka ga ina ruwan zai nufa. Sannan ka ƙwanƙwasa daɓen da guduma a hankali. In ka ji yana amsawa kamar ganga, ƙarƙashinsa rami ne.

Mai Tambaya: Baba, na gwada yanzu. Wallahi bango ruwan ya nufa, kuma ya shige ta wani tsagi da ɗan yatsa zai iya shiga. Kusa da bututun kuma daɓen yana ƙarar ganga kamar yadda ka ce. To yanzu in sayo ƙasa in ƙara a jikin bangon don ya yi tudu?

Ɗan Kwangila: Haka za a yi. A fasa daɓen, a kawo jar ƙasa a cika ya yi tudu sosai, a daddaɓe, a sake zuba kankare.

Injiniya: Dakata kafin ka kira mota. Cika ramin da ke ƙarƙashin daɓen dole ne, wannan Ɗan Kwangila ya yi daidai. Amma ɗaga ƙasa a jikin bango yana da iyaka. A ginin da aka yi bisa ƙa'ida akwai shimfiɗar hana danshi a cikin bango, wato ledar nan ko kwaltar da ake sawa a daidai matakin daɓen ɗaki. Ana so ta kasance aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje, don kada jiƙaƙƙiyar ƙasa ko fantsamar ruwa ta tsallake ta. Idan ka tara ƙasa har ta rufe wannan layin, ka gina wa danshi gada da hannunka, kuma bangon zai fi yanzu jiƙewa.

Saboda haka awo za ka fara yi, kuma ba ka buƙatar na'ura. Ka samo siririn tiyo mai haske wanda ake ganin ruwa a cikinsa, ka cika shi da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin bango, ɗaya ya riƙe ɗayan a jikin turke da aka kafa. Ruwan da ke bakin nan biyu kullum a mataki ɗaya yake tsayawa. Sai ku auna daga fuskar ruwan zuwa ƙasa a kowane gefe, bambancin shi zai gaya maka inda ya fi tudu. Ina son lamba huɗu: tsakanin daɓen ɗaki da daɓen waje, tsakanin gindin bango da bakin daɓen waje, tsakanin gindin bango da ƙasar da ke mita uku daga gidan, sai kuma tsakanin wannan kusurwar da wurin da ruwan zai fita daga filinka gaba ɗaya.

Malam Na Gefe: Ni tambayata daban ce amma ta shafi wannan. Gidana ba ya jiƙewa, amma ƙofofi biyu suna cijewa da damina, da rani kuma su saki, har wata tsaga tana buɗewa da rani ta rufe da damina. Ƙasarmu baƙar laka ce mai darewa idan ta bushe. Shi ma ruwan rufi ne?

Injiniya: Malam, naka yana da alaƙa amma ba iri ɗaya ba ne. Akwai laka mai kumbura idan ta sha ruwa, ta kuma tsuke idan ta bushe. Gini a kanta yana ɗagawa yana sauka tare da ita. Abin da ke tsaga bango shi ne wani gefe ya jiƙe wani ya bushe, sai motsin ya zama ba daidai ba. A irin wannan ƙasa ana so danshin da ke kewaye da gidan ya zama kusan ɗaya a ko'ina, shi ya sa daɓe mai faɗi da gangara mai kyau yake da amfani sosai a wurinka, kuma babbar bishiya kusa da bango tana ƙara matsalar domin tana tsotse gefe ɗaya. Sai dai ƙofar katako ma tana kumbura da danshin iska ita kaɗai, don haka tsagar ce hujja mafi ƙarfi, ba ƙofar ba. Naka yana son mutum ya zo ya gani da ido.

Malam Na Gefe: Akwai kuwa bishiya a wannan gefen. Amma inuwarta muke sha, ba na jin zan iya sare ta.

Baba Magini: Kada ma ka yi saurin sarewa. A ƙasar laka, in aka sare babbar bishiya, ƙasar da ta daɗe tana bushewa sai ta fara shan ruwa tana kumbura, ta ɗaga ginin. Na ga inda sarewar ta fi barin ta ɓarna.

Mai Tambaya: Na dawo da awon, ni da ƙanena muka yi da safe. Daɓen ɗaki ya fi daɓen waje tudu da santimita 12 kawai. Gindin bango ya fi bakin daɓen waje kwari da santimita 4. Ƙasar da ke mita uku daga gidan ta fi gindin bango tudu da santimita 6, katangar kuma tana mita huɗu daga gidan. Na ga rariya a gindin katangar amma ƙasa ta binne ta, kuma bayanta filin maƙwabci ne da ya yi ciko ya fi nawa tudu. Kwatar bakin titi da ke gaban gida ta fi kusurwar kwari da santimita 55.

Injiniya: Madalla, yanzu hoton ya fito. Bayan gidanka kwano ne, kuma gindin bangonka shi ne tsakiyar kwanon. Santimita 12 ɗin nan ta nuna ba ka da damar ƙara ƙasa ko kaɗan, rage santimita 3 ma za ka yi don ka sami 15. Tun da ba za a ɗaga jikin bango ba, sai a sauke ƙasar da ke nesa da shi.

Gangarar da ake nema a kan ƙasa tsura ita ce santimita 5 a kowace mita, wato faɗuwar santimita 15 a mita ukun farko. A kan kankare santimita 2 a kowace mita ta isa, domin ruwa yana gudu a kansa. Bari mu ɗauka ƙasa ce. Ka sauke gindin bango da 3, ka ƙara 15, ke nan a mita uku daga gidan ƙasa za ta koma santimita 18 ƙasa da gindin bangon na yanzu. A wurin za a kwashe santimita 24 ke nan, tun da yanzu tudu ne na 6. Wannan layin shi zai zama magudana, ya bi tsawon bayan gidan, ya karya kwana ya bi ta gefe har titi.

Magudanar ma tana son tata gangarar, santimita ɗaya a kowace mita. Tsawon baya mita 12, gefe mita 10, in gaban gidan ya kai mita 6, jimla 28. Faɗuwar santimita 28 ke nan. Haɗa da 18 ɗin farko, 46. Kana da 55, don haka lissafin ya shiga, har da rarar santimita 9.

Ɗalibar Gini: Ranka ya daɗe Injiniya, ina da tambaya a kan 55 ɗin. Daga kusurwa zuwa ƙasan kwatar aka auna, ko zuwa inda ruwa yake kaiwa idan ta cika? Domin lokacin da gidan yake buƙatar fitar da ruwa, lokacin ne ita ma kwatar take cike.

Mai Tambaya: Zuwa ƙasanta na auna. Akwai shatin da ruwa ya bari a jikinta, ya kai kamar santimita 20 daga ƙasa.

Injiniya: Kin kama abin da ya wuce ni, na gode. To faɗuwar gaskiya 35 ce, ba 55 ba, kuma 46 ba ta shiga cikin 35. Idan aka yi yadda na faɗa da farko, ranar da aka yi mamako ruwan titi ne zai biyo magudanar ya shigo gidan.

Ga yadda zan gyara. Abu na farko, a raba ruwan rufi da ruwan tsakar gida. Ruwan rufi yana sama, yana da faɗuwar da ta ishe shi, babu dalilin sauke shi ƙasa a bayan gida sannan a fara neman yadda za a fitar da shi. A cire bututun da ke sauka a kusurwar, a haɗa wani mai faɗin milimita 100 ya bi jikin bangon gefe a ɗaure, yana gangarawa a hankali har gaban gida, a sauke shi can nesa da harsashi, kusa da mafita. Duro 15 ɗin nan sun fita daga lissafin baya ke nan. Abin da ya rage shi ne ruwan da ya sauka a filin bayan kansa. Shi kuma a yi masa magudanar kankare mai santsi da gangarar rabin santimita a kowace mita. Faɗuwar 14 ke nan, da 18, ya zama 32, ya shiga cikin 35 da ƙyar.

Baba Magini: Raba ruwan nan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma rabin santimita a mita, Injiniya, a takarda ne yake da sauƙi. A hannun birkila, kuskuren kaurin yatsa ɗaya ya isa ya sa ruwa ya kwanta a tsakiya. Kuma magudana mai kwanciya haka yashi yake zama a cikinta, in ba a share ta ba wata biyu ta toshe. Ni da zan kankare filin bayan ne daga bango zuwa magudanar, da gangarar santimita 2 a mita. Faɗuwar 6 ke nan maimakon 15, sai a mayar wa magudanar da rarar 9 ɗin.

Injiniya: Hakan ma hanya ce, Baba, sai dai magudanar za ta buƙaci ɗan zurfi daga farkonta a ƙasan leɓen kankaren, wannan zai ci wani abu daga cikin 9 ɗin. Kuma ƙasa tsura tana shan wani kaso na ruwan, kankare kuwa duka yake turowa. Ban ce tawa ta fi ba. Duk wadda aka zaɓa, a ja igiya a kafa turaku kowace mita biyu da awon tiyo kafin a zuba komai, kuma a gwada da ruwa kafin ma'aikata su tashi.

Ɗan Kwangila: Me zai hana a haƙa ramin tsotse ruwa a bayan kawai, a cika shi da duwatsu? An huta da dogon aiki.

Ɗalibar Gini: Yallaɓai, fili bai isa ba. Irin wannan ramin ana so ya yi nisan mita biyar aƙalla daga gini, shi kuwa mita huɗu ce gaba ɗaya tsakaninsa da katanga. Kuma ya ce ruwa yana kwana biyu a wurin bai tsotse ba, alamar ƙasar ba ta shan ruwa da sauri. Ramin zai cika ya zama rijiya a gefen harsashi.

Ɗan Kwangila: Na yi irinsa a mita uku kuma har yau ba a kira ni ba. Amma ƙasar wurin yashi ce, wannan kam na yarda.

Hajiya Uwargida: Ni dai abin da zan ƙara, ku riƙa hawa kuna duba indararon kafin ruwan farko. Namu ganye da ƙura suka cika shi har ciyawa ta tsiro a ciki, ruwa ya riƙa malalowa ta baya yana bin bango. Mun ɗauka rufin ne yake yoyo.

Baba Magini: Gaskiya ne Hajiya. Kuma ɗana, in ka hau ka duba ko indararon ya lotsa a tsakiya. Yana son 'yar gangara zuwa bakin bututu, kamar milimita 3 a kowace mita, wato wajen santimita 3 da rabi a tsawon naka. In ka tarar da shatin laka a tsakiyarsa, nan ruwa yake kwanciya, sai a ƙara maɗauri a gyara zamansa.

Mai Tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura maganar tsagar. In toshe ta yanzu ko in bari?

Injiniya: Kada ka toshe tukuna, so muke mu san ko tana motsi. Ka ja layi da fensir a ƙarshenta biyu ka rubuta kwanan wata. Ka yi ɗigo biyu, ɗaya a kowane gefenta, ka auna tazararsu da rula duk bayan mako biyu. Wasu sukan ɗana ɗan siririn shafe a kanta, in ya tsage an san bango yana tafiya. Idan faɗinta bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba kuma ta tsaya bayan an kawar da ruwan, toshewa da fenti sun isa. Idan ta kai milimita 5, ko tana ƙaruwa, ko ta ratsa bango ana ganinta ciki da waje, ko taga ta fara cijewa, to ka kira injiniyan gini ya zo ya duba harsashin da kansa.

Shafe da fenti kuma su ne na ƙarshe. Bangon da ya sha ruwa shekara uku yana ɗaukar watanni kafin ya bushe, don haka ka kankare wanda ya lalace ka bar shi a buɗe ya sha iska har rani ya yi nisa.

Mai Tambaya: Na fahimta. Gobe zan fara da bututun tun da shi ne mai sauƙi, in kuma cusa wani abu a tsagin daɓen kafin ruwa na gaba. Tsagar na auna ta, milimita 2 ce a sama, ƙasa kuma kamar gashi, ta ciki kawai ake ganinta. Maganar kankare ko ƙasa a filin bayan ban yanke ba tukuna. Baba, in za a fasa tsohon daɓen yanzu da damina, babu haɗari a bar gindin bangon a buɗe?

Baba Magini: Akwai, shi ya sa ba a fasa shi gaba ɗaya rana ɗaya. Ka fara kawar da bututun. Sannan a fasa mita uku, a cika ramin kaɗan-kaɗan ana daddaɓawa, a rufe da leda mai kauri kafin dare, bakinta na sama a manne da bango, na ƙasa a ja shi nesa. In an gama wannan a matsa gaba. Kuma ka tsaya a kansu lokacin cikon, kada ka tafi wurin aiki ka bar su. In ka fasa na farkon ka gaya mana zurfin ramin da ka tarar a ƙarƙashi, daga nan zan san ko harsashin ya tonu.